Yadda ake gane rami, tsalle da gudun infiniti a fankishin ta hanyar limit

Na daɗe ina koyar da kalkulas ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare da 'yan shekarar farko na jami'a, kuma kuskure ɗaya nake ta gani a takardunsu. Ɗalibi ya saka lamba a fankishin, ya sami sifili bisa sifili, sai ya rubuta "babu amsa" ya wuce tambaya ta gaba. Wanda ya ɗan fi shi wayo kuma ya rubuta "rami ne" ba tare da ya gwada komai ba. Dukansu sun yi gaggawa. Sifili bisa sifili sanarwa ce kawai cewa akwai aiki a gaba, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne limit na hagu da limit na dama, sannan ƙimar fankishin a daidai wurin.

Kafin mu fara, ga abin da nake nufi da kalmomin. Fankishin mai ɗorewa a wuri shi ne wanda zanensa ya ratsa wurin ba tare da ka ɗaga biro daga takarda ba. Inda ka ɗaga biro, nan ne yankewa. Limit kuwa ita ce lambar da f(x) ke dosa yayin da x ke matsowa kusa da wata lamba a, ba tare da x ya taka a ɗin ba. Wannan "ba tare da ya taka ba" ka riƙe shi da kyau, don rabin ruɗanin daga nan yake fitowa.

Kayan aiki

Takarda da fensir da magogi sun wadatar. Kalkuleta ta kimiyya tana taimakawa wajen cika jadawalin lambobi; in taka tana da TABLE, ta rage maka wahala sosai. In akwai sin, cos ko tan a tambayar, ka tabbata allon yana nuna RAD ko R, ba DEG ko D ba. Takardar giraf ko manhajar zana giraf ta waya ƙari ce, ba dole ba. In ba ka da kalkuleta, wayar hannu ma tana raba lamba, kuma yawancin misalan da ake bayarwa a jarrabawa ana warware su da aljabara zalla.

Abin da ya fi kalkuleta muhimmanci shi ne hannunka ya saba da fasa lissafi zuwa fakta-fakta. In ka ga x² − 1 kana tsayawa tunani kafin ka rubuta (x − 1)(x + 1), ka koma ka yi atisaye a kan wannan tukuna, in ba haka ba a mataki na uku za ka maƙale.

Misalin da za mu ɗauka tun daga farko har kusan ƙarshe shi ne wannan:

```
f(x) = (x² − 1) / (x² − 3x + 2)
```

Mataki na 1: Nemo wuraren da ake zargi

Ba kowace lamba ake gwadawa ba. Fankishin irin su x² + 5x − 7, da sin x, da cos x, da eˣ ba su yankewa ko'ina, don haka ba a ɓata lokaci a kansu. Wuraren zargi iri uku ne a mafi yawan tambayoyi: inda lissafin ƙasa ya zama sifili, inda fankishin mai sassa ya sauya daga wata ƙa'ida zuwa wata, da inda abin da ke cikin sanduna biyu na |…| ya zama sifili alhali yana tare da rabawa. In akwai tan x, ka tuna cewa sin x bisa cos x ne, saboda haka duk inda cos x ya zama sifili, kamar x = π/2, wurin zargi ne.

A misalinmu, ƙasan yana fashewa zuwa (x − 1)(x − 2), wato yana zama sifili a x = 1 da x = 2. Wurare biyu ke nan.

Ka rubuta su a gefen takarda tun yanzu, kafin ka soke komai. Na sha ganin ɗalibi ya fara da soke (x − 1) sama da ƙasa, sannan ya duba abin da ya rage ya ga x = 2 kaɗai. Ya share shaidar da hannunsa, x = 1 ya ɓace masa ke nan.

Mataki na 2: Saka lambar kai tsaye ka ga me zai fito

A x = 1, sama ya ba da 1 − 1 = 0, ƙasa ya ba da 1 − 3 + 2 = 0. Sifili bisa sifili. A x = 2, sama ya ba da 3, ƙasa ya ba da 0. Kalkuleta za ta nuna Math ERROR a duka biyun, ba ta bambanta su, amma su biyun ba abu ɗaya ba ne.

Lamba wadda ba sifili ba bisa sifili, kamar 3/0, ta riga ta gaya maka labarin: sama na tsaye kusa da 3, ƙasa na ƙanƙancewa, sakamakon zai kumbura ba tsayawa. Abin da ya rage kawai ka gano ko sama ya nufa ko ƙasa. Sifili bisa sifili kuwa bai gaya maka komai ba tukuna. Zai iya zama rami, zai iya zama tsalle, zai iya zama gudun infiniti, kuma za mu ga kowanne a ƙasa.

Abu ɗaya dai ya tabbata daga wannan mataki: f(1) da f(2) babu su, don haka zanen ya yanke a wuraren biyu. Saura mu san irin yankewar.

Mataki na 3: Nemo limit na hagu da na dama, kowanne daban

Hagu na nufin x ya taho daga lambobin da ba su kai a ba, ana rubuta shi x → a⁻. Dama na nufin ya taho daga waɗanda suka wuce a, x → a⁺. Ƙaramar alamar ɗebewar da ke saman a tana nuna ɓangare ne kawai. Ba ta mayar da lambar ta ƙasa da sifili ba: 2⁻ yana nufin irin su 1.99, ba −2 ba.

Yanzu mu fasa sama da ƙasa:

```
f(x) = (x − 1)(x + 1) / [(x − 1)(x − 2)]
     = (x + 1) / (x − 2),   x ≠ 1
```

Me ya halatta mana soke (x − 1)? Abin da na ce ka riƙe ne tun farko. Wajen neman limit, x yana kusa da 1 amma bai taka 1 ba, saboda haka x − 1 ƙaramar lamba ce, ba sifili ba, kuma ana iya raba lamba da kanta. Shi ya sa ake rubuta x ≠ 1 a gefe. Sabon lissafin da tsohon sun dace a ko'ina ban da wannan ɗigo guda.

Saka 1 a sabon lissafin: (1 + 1)/(1 − 2) = −2. Sabon lissafin ba shi da wata matsala a x = 1, don haka hagu da dama duk −2 suke ba da wa. In kana kokwanto, gwada da jadawali:

```
x      f(x)         x      f(x)
0.9    −1.727       1.1    −2.333
0.99   −1.970       1.01   −2.030
0.999  −1.997       1.001  −2.003
```

Ka lura yadda layi biyun ke matse −2 a tsakiya, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa.

A x = 2 babu abin sokewa. Nan alama ake bi. Sama, x + 1, yana kusa da 3 ta kowane ɓangare. Ƙasa, x − 2, daga hagu ƙaramar lamba ce mai alamar ɗebewa, daga dama kuma ƙaramar lamba ce mai alamar tarawa.

```
x      f(x)         x      f(x)
1.9    −29          2.1    31
1.99   −299         2.01   301
1.999  −2999        2.001  3001
```

Duk lokacin da ka ƙara matsowa ninki goma, amsar ta kumbura kusan ninki goma. Daga hagu ta nufi −∞, daga dama ta nufi +∞.

Mataki na 4: Sa wa yankewar suna

Da limit biyun a hannu, sunan ba ya wahala.

In hagu da dama sun haɗu a lamba ɗaya, amma f(a) babu ita ko kuwa tana wani wuri daban, wannan rami ne, yankewar da ake iya cikewa. Haka x = 1 yake a misalinmu: a zane, layin yana tafiya lafiya, sai ɗigo guda da ya ɓata a (1, −2), ana nuna shi da ɗan da'ira marar ciki. An ce ana iya cike shi ne domin in ka ƙara doka ɗaya, f(1) = −2, yankewar ta tafi gaba ɗaya. In tambaya ta ce ka gyara fankishin ya zama mai ɗorewa, abin da ake so ke nan ka rubuta.

In hagu lamba ce, dama ma lamba ce, amma sun sha bamban, tsalle ne. Ba ɗigon da za ka ɗora ya haɗa su.

In aƙalla ɗaya daga ɓangarorin ya gudu zuwa +∞ ko −∞, gudun infiniti ne, kuma zanen yana da asimtot a tsaye a wurin, wato layin x = a wanda zanen ke bi sama ko ƙasa yana matsarsa. Haka x = 2 yake.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, 1/x² a x = 0: hagu +∞, dama +∞. Ɗalibi ya ce ai sun yi daidai, to rami ne. A'a. Infiniti ba lamba ba ce da za ka ɗora a ɗigo, rubuta ∞ hanya ce ta bayyana yadda limit ɗin ya rasa wurin tsayawa. Na biyu, ba sai duka ɓangarorin sun gudu ba. Ɗauki e^(1/x) a x = 0. Daga hagu 1/x ya nufi −∞, sai fankishin ɗin ya lafa zuwa 0. Daga dama kuwa ya tashi zuwa +∞. Ɓangare ɗaya ya isa a sa shi cikin gudun infiniti.

Mataki na 5: Fankishin mai sassa, inda tsalle ya fi zama

Kafin alamomi, ga abin a kasuwa. A ce mai shinkafa yana sayar da mudu naira 1,000, amma in ka sayi mudu 10 zuwa sama ya bar maka kowanne a 900. Wanda ya sayi mudu tara da rabi zai biya 9,500. In ya ƙara matsowa kusa da goma, kuɗin na dosar 10,000. Da ya cika goma cif sai ya koma 9,000. Limit na hagu 10,000, na dama 9,000, tsalle na naira 1,000 zuwa ƙasa. Duk inda doka ta ce "daga kaza zuwa sama farashi ya canja", ka nemi tsalle a nan.

Ga shi yadda yake zuwa a takardar jarrabawa:

```
g(x) = 2x − 1,   x < 3
g(x) = 5,        x = 3
g(x) = x² − 1,   x > 3
```

Wurin zargi x = 3 ne. Don hagu, ɗauki layin da ke da x < 3: 2(3) − 1 = 5. Don dama, ɗauki layin x > 3: 9 − 1 = 8. Ƙimar wurin kuma g(3) = 5. Hagu 5, dama 8, tsalle ne mai girman 3.

Na zaɓi g(3) = 5 da gangan. Mutane da yawa in sun ga limit na hagu ya dace da g(3) sai su ce shi ke nan, akwai ɗorewa, su manta da dama. Abin da za a iya cewa kawai shi ne g yana ɗorewa daga hagu. Ɗaya kuskuren shi ne juya layukan, a yi amfani da na x > 3 wajen hagu. Maganinsa mai sauƙi: ka rubuta 2.9 a gefen "hagu" da 3.1 a gefen "dama", ka tambayi kanka wane layi ne ya karɓi 2.9.

Kada kuma ka ɗauka duk mahaɗa tsalle ce. Da layin ƙarshe x² − 4 ne, dama zai ba da 5, komai ya haɗu, babu yankewa ko kaɗan. Da kuma a wannan hali layin tsakiya ya ce g(3) = 7, to rami ne duk da cewa g(3) tana nan: hanya ta haɗu a 5, an ɗauke ɗigon an ajiye shi a 7.

Mataki na 6: Rubuta gwajin ɗorewa a layi uku

Ma'anar ɗorewa da ake koyarwa yau ta samo asali ne daga aikin Bolzano a 1817 da na Cauchy a 1821, kuma a aikace ta taƙaita zuwa sharuɗɗa uku, waɗanda ake bi a jere:

```
(1) f(a) tana nan
(2) lim x→a⁻ f(x) = lim x→a⁺ f(x) = L
(3) L = f(a)
```

L a nan dole ta zama lamba ta gaske. Mai duba takarda yana neman ya ga ukun nan a rubuce, kowanne da lambarsa, sannan jumla ɗaya da ta faɗi wanda ya karye. Ga g: sharaɗi na farko ya cika tunda g(3) = 5, na biyu ya karye tunda 5 ba 8 ba ce, don haka g ba ya ɗorewa a x = 3, kuma yankewar tsalle ce.

Wata gargaɗi: in sharaɗi na farko ya karye, ka riga ka san babu ɗorewa, amma in an ce ka faɗi irin yankewar, dole ka ci gaba zuwa na biyu. A misalinmu na farko x = 1 da x = 2 duk sun faɗi a sharaɗi na farko, sharaɗi na biyu ne ya raba su.

Ana kuma juya tambayar a ce ka nemo k da zai sa a sami ɗorewa:

```
h(x) = kx + 1,   x ≤ 2
h(x) = x² + 3,   x > 2
```

Hagu da h(2) duk 2k + 1 ne, dama 7. Daidaita su: 2k + 1 = 7, k = 3. Mayar da 3 ka duba: 3(2) + 1 = 7. Ya zauna.

Komawa ga sifili bisa sifili

Na yi alkawarin nuna cewa yana iya zama kowanne daga ukun. Ga fankishin uku, dukansu 0/0 suke bayarwa a x = 1:

```
p(x) = (x² − 1) / (x − 1)
q(x) = |x − 1| / (x − 1)
r(x) = (x − 1) / (x − 1)²
```

Na farko yana komawa x + 1, limit 2 ta kowane gefe, rami. Na biyu ba a soke shi kai tsaye. In x ya wuce 1, |x − 1| daidai yake da x − 1, amsa 1. In x bai kai 1 ba, |x − 1| ya zama −(x − 1), amsa −1. Gwada 0.9: 0.1 bisa −0.1. Tsalle ne mai girman 2, ga shi fankishin ɗin ba a rubuta shi sassa-sassa ba. Na uku shi ne ya fi kama mutane. An soke (x − 1) guda, sai hannu ya yi saurin rubuta "rami". Amma saura guda a ƙasa: 1/(x − 1), wanda ya nufi −∞ daga hagu da +∞ daga dama. Shi ya sa bayan kowace sokewa nake sa ɗalibi ya sake saka lambar a abin da ya rage. In ƙasa har yanzu sifili ne kuma sama ba sifili ba, asimtot ne.

In lissafin ya ƙi fashewa

Wani 0/0 ɗin ba shi da faktan da za a soke. In tushe ne ya tare hanya, kamar (√x − 2)/(x − 4) a x = 4, ka rubuta x − 4 a matsayin (√x − 2)(√x + 2). Sai a soke, ya rage 1/(√x + 2), limit 1/4, rami. Wasu sun fi son ninka sama da ƙasa da √x + 2, wuri ɗaya ake fita.

In kuma (sin x)/x ne a x = 0, jadawali zai nuna maka hanya: 0.1 ya ba da 0.9983, 0.01 ya ba da 0.99998, limit 1, rami. Wata rana ɗaliba ta kawo mini 0.01745 tana rantsuwa sau uku ta danna. Gaskiyarta, ta danna daidai. Kalkuletar ce ke kan DEG, kuma 0.01745 ɗin π/180 ne.

Jadawali dai hasashe yake bayarwa, ba hujja ba, kuma yana iya yaudara. Kada ka matso da yawa: in ka saka lamba mai sifili goma sha wani abu bayan ɗigo, kalkuleta tana zagaye lambobi ta fitar da shirme ko ta ce Math ERROR. Matsowa uku, 0.1 da 0.01 da 0.001, sun isa. Manhajar zane ma tana da nata aibin: rami ɗigo ne marar faɗi, don haka allon zai nuna maka layi a haɗe a x = 1 kamar babu komai. Tsalle da asimtot ana ganinsu da ido, rami kuwa aljabara ce ke tona shi.

Akwai yankewar da ba ta shiga ukun nan ba, don kada ka tilasta mata suna. Fankishin sin(1/x) kusa da x = 0 yana kaiwa da komowa tsakanin −1 da 1, yana ƙara sauri, ba ya dosar wata lamba kuma ba ya gudu zuwa infiniti. In ka cika jadawali da 1/π, 1/(2π), 1/(3π), sifili za ka yi ta samu, ka ɗauka limit 0 ce. Saka 2/π, 2/(5π), 2/(9π) kuma ka yi ta samun 1. Amsar da ake rubutawa ita ce limit babu ita ta kowane ɓangare, yankewar lilo ce.

Sai wurin da fankishin ya fara ko ya ƙare. √x ba shi da komai a hagun sifili, don haka ba a neman limit na hagu a x = 0. Dama kaɗai ake gwadawa: limit 0, ƙimar wurin 0, yana ɗorewa daga dama, kuma ba a kiran wannan yankewa.